Yadda ake mayar da rubutacciyar hira ta zama minit na taro

Ba kullum sakataren ƙungiya ke samun taro irin wanda aka saba ba, mai ajanda a rubuce, shugaba na kiran batu ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci hira ce kawai. Ya zauna da mutum biyu ko uku, ya kunna rikoda a waya, yana tambaya suna amsawa. Daga baya a kwafe maganar a takarda, ta ci shafi goma sha wani abu, sai shugaba ya ce a fitar masa da minit kafin zama na gaba.

Takardun nan biyu aikinsu daban ne. Rubutacciyar hira bin lokaci take yi da bakin mai magana, wane ya ce, wance ta ce. Shi kuwa minit batu yake bi, kuma mai karanta shi abu uku yake nema: me aka tattauna, a ina aka tsaya, wa zai yi me kuma yaushe. Babban haɗarin aikin shi ne sakatare ya ɗauki ra'ayin mutum ɗaya ya rubuta shi a matsayin matsayar kowa. Kusan duk matakan da ke ƙasa don kauce wa wannan ne.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce kwamitin iyaye da malamai ne na wata firamare, iska ta yaye rufin azuzuwa, ga damina na ƙaratowa. Ranar Talata 8 ga Afrilu sakatare ya yi hira ta minti 40 da shugaban kwamiti da hedimasta da ma'aji. Kuɗaɗen da za a gani na misali ne.

Mataki na farko: gano ko masu maganar suna da ikon yanke hukunci

Kafin ka taɓa rubutun, duba tsarin mulkin ƙungiyar, ko ka tambayi shugaba. Shin mutanen nan uku suna da hurumin fitar da kuɗi, ko sai cikakken kwamiti ya zauna? Idan suna da shi, za ka iya sa kan magana mai suna "Matsaya". Idan ba su da shi, sunan da ya dace shi ne "Shawarar da za a kai gaban kwamiti". Hira ba ta zama halastaccen taro don kawai an zuba ta a tsarin minit. A kamfani mai rajista ma abin ya fi tsanani, domin dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020 ta wajabta ajiye minit na babban taro da na zaman daraktoci, kuma hirar da aka yi da darakta ɗaya a ofishinsa ba ta maye gurbin wannan. A misalinmu, mu ɗauka kwamiti ya riga ya wakilta mutum ukun su yanke shawara kan gyaran gaggawa daga kuɗin da ke asusu, amma ba su da ikon ɗora wa iyaye sabon kuɗi.

Ka kuma tabbatar an sanar da su tun farko cewa ana naɗar muryarsu kuma za a fitar da minit daga ciki. Murya da sunan mutum bayanansa ne, kuma Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023. Ko babu doka, wanda ya saki jiki ya yi magana yana zaton hira ce ta fahimtar juna ba zai ji daɗin ganin kalamansa ana karantawa a gaban jama'a ba.

Mataki na biyu: gwada rubutun da muryar

Kada ka amince da kwafin gaba gaɗi, ko mutum ne ya buga shi ko manhaja. Ba sai ka sake sauraron komai ba, amma wurare huɗu dole ka koma kansu da kunnenka: inda aka ambaci kuɗi ko adadi, inda aka ambaci rana, inda aka kira suna, da inda mutum biyu suka yi magana lokaci guda. Ka kula da ƙaramar kalmar "ba" ta ƙarshen jimla. Idan babur ya wuce ko wani ya yi tari a daidai wurin, "ban yarda ba" na iya fitowa a takarda "na yarda".

Ka ajiye asalin kwafin yadda yake, ka yi aiki a kan kwafi na biyu. Idan rubutun ba shi da alamar lokaci, sa ta da kanka a farkon kowace tambaya, domin za ka yi ta komawa. Ga guntayen da suka fi muhimmanci a hirar tamu:

00:06:10 Sakatare: Ranka ya daɗe, azuzuwa nawa abin ya shafa?
Hedimasta: Uku ne. Aji huɗu da aji biyar kam rufin ya tafi gaba ɗaya, aji shida kuma kwanon gefe ɗaya ne ya ɗaga. Yanzu haka yaran a gindin darbejiya suke karatu.

00:09:45 Sakatare: Hajiya, nawa ke cikin asusu?
Ma'aji: Akwai dubu ɗari takwas da hamsin. Amma fa ba mu biya mai gadi na watan jiya ba, dubu talatin.

00:14:20 Hedimasta: Kafinta ya ce ukun miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Ni a ganina a sa wa kowane yaro dubu ɗaya.
Ma'aji: Haba Malam, iyayen nan ba su daɗe da biyan kuɗin jarrabawa ba.
Shugaba: Wannan ba mu za mu yanke ba, sai babban taron iyaye.

00:22:05 Shugaba: To a fara da biyun da suka fi lalacewa. Hajiya, kin yarda?
Ma'aji: Na yarda, Alhaji, muddin bai wuce dubu ɗari takwas ba.
Hedimasta: Shi ke nan, mun tsaya a haka.

00:23:30 Shugaba: Sai a nemo ƙiyasin wani kafintan a kwatanta.
Hedimasta: In sha Allahu za a duba.

00:36:50 Ma'aji: Af, na manta. Kuɗin mai gadin nan jibi zan biya.

Dubi maganar ma'aji ta farko. A baki kowa ya gane naira 850,000 take nufi, amma manhaja ko mai bugawa da bai san zancen ba zai iya rubuta 800,050. Saboda haka duk kuɗin da zai shiga minit a rubuta shi da lambobi, a kuma gwada shi da takardar banki ko littafin ma'aji.

Mataki na uku: fitar da ajanda daga cikin hirar

Karanta rubutun daga farko har ƙarshe sau ɗaya ba tare da ka gyara komai ba. A karatu na biyu sai ka riƙa rubuta sunan batu a gefen kowane sakin layi, kalma biyu ko uku: rufi, asusu, mai gadi, kuɗin iyaye. Da ka gama za ka ga sunayen suna maimaita kansu, kuma waɗanda suka fi dawowa su ne ajandarka.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne mayar da tambayoyin sakatare su zama kawunan magana. Tambaya goma sha biyar ba ta nufin batu goma sha biyar. Hirar minti 40 da wuya ta ƙunshi batu na gaske fiye da huɗu ko biyar, kuma idan ka ga kawunanka sun kai goma, to akwai waɗanda ya kamata a haɗe. A tamu huɗu suka fito: halin da azuzuwa ke ciki, kuɗin da ke asusu, gyaran rufi, sai shawarar karɓar gudummawa daga iyaye.

Yanzu ka kwashe kowane guntu ka kai shi ƙarƙashin batunsa, ko a wane minti aka faɗe shi. Maganar mai gadi ta fito a minti na 9, ta sake fitowa a minti na 36 lokacin da ake shirin tashi. A minit wuri ɗaya za su zauna, ƙarƙashin batun asusu. Irin waɗannan kalaman na ƙarshen hira, masu farawa da "af" ko "kafin mu tashi", su ne aka fi mantawa, alhali sau da yawa a cikinsu alkawari yake. Idan da Word kake aiki, sa wa kowane kan magana salon `Heading 2`, ka kuma yi amfani da `Ctrl+F` ka nemo kalma kamar "gadi" ko "kafinta" don kada wani guntu ya tsere maka.

Kan magana ya zama suna ne kawai, babu hukunci a ciki. "Gyaran rufi" ya isa. "Matsalar sakacin da ya jawo lalacewar rufi" ya riga ya ɗora wa wani laifi kafin a karanta layi ɗaya.

Mataki na huɗu: rarrabe bayani da shawara da matsaya da aiki

A nan ne za ka fi daɗewa, kuma ya cancanci hakan. Ɗauki biro kala huɗu, ko ka sa harafi a gefe: B ga bayani, Sh ga shawara, M ga matsaya, A ga aiki. Duk jimlar da ba ta shiga ko ɗaya ba, kamar gaisuwa da raha da labarin da ya ratso, ba ta da wuri a minit.

Bayani shi ne abin da ake iya tabbatarwa: azuzuwa uku, naira 850,000, bashin wata ɗaya. Shawara kuwa ana gane ta da "a ganina", "da za a", "ya kamata", "me zai hana". Maganar hedimasta ta dubu ɗaya kan kowane yaro shawara ce. Babba ne ya faɗe ta, kuma da ƙarfi ya faɗa, amma ma'aji ta ja, shugaba kuma ya ce ba huruminsu ba ne. Sakataren da ya rubuta "An amince kowane yaro zai biya naira 1,000" ya kunna wutar da kwamiti zai daɗe bai kashe ba, domin ranar da iyaye suka ji, minit ɗin za a ɗauko a matsayin hujja.

Kafin ka sa wa magana M, nemi abu uku a cikin rubutun. An faɗi takamaiman abin da za a yi? Mai iko ya rufe zancen? Sauran sun amsa da bakinsu? A minti na 22 duk ukun sun cika. Shugaba ya kawo, ma'aji ta ce ta yarda, hedimasta ya ce an tsaya a haka. Amma lura da "muddin" ɗin ma'aji. Yardarta da sharaɗi take, kuma sharaɗin ɓangare ne na matsayar. Idan ka rubuta an amince a gyara azuzuwa biyu ka bar iyakar naira 800,000, ka canza abin da ta yarda da shi.

Shiru ba yarda ba ne a wannan aikin. Mu mutane ne masu kara, ƙarami ba ya son musa wa babba a gaban mutane, kuma "to" ɗin da ke kan takarda zai iya zama na amincewa, zai iya zama na "na dai ji". Takarda ba ta nuna bambancin, murya ce ke nunawa, wani lokacin ma ita ɗin ba ta isa ba. Inda ka yi shakka, kira mutumin ka tambaye shi kai tsaye: "Malam, a maganar nan in rubuta ka amince ne, ko kana da sauran magana?" Minti biyu a waya ya fi ja-in-ja a taro.

Har ila yau, ƙin yanke hukunci ma matsaya ce, kuma ana rubuta ta. Miƙa batun gudummawa ga babban taron iyaye abu ne da aka tsayar, don haka yana da layinsa.

Mataki na biyar: rubuta jikin minit

A ƙarƙashin kowane kan magana, taƙaita tattaunawar a jimla biyu zuwa huɗu, sannan matsaya a layinta daban mai lamba. Rubuta da sigar abin da ya riga ya faru, ka kira mutane da muƙaminsu, ka zaɓi kalmomi marasa ɗaukar ɓangare irin su "ya bayyana", "ta nuna", "ya ba da shawara". Ka guji "ya dage", "ta yi ƙorafi", "ya amsa laifi", domin waɗannan fassararka ce ta halin mutum. Ga yadda batu na uku da na huɗu za su fito:

3. Gyaran rufi
Hedimasta ya bayyana cewa ƙiyasin kafinta na azuzuwa uku naira 1,200,000 ne, wanda ya zarce abin da ke asusu. Shugaba ya ba da shawarar a fara da azuzuwa biyu da suka fi lalacewa.
Matsaya 3.1: Za a fara gyaran rufin aji huɗu da aji biyar daga asusun kwamiti, bisa sharaɗin kuɗin ba zai wuce naira 800,000 ba.
Matsaya 3.2: Za a nemo ƙiyasi na biyu daga wani kafinta don kwatantawa.

4. Gudummawar iyaye
Hedimasta ya ba da shawarar a karɓi naira 1,000 kan kowane yaro. Ma'aji ta nuna cewa iyaye ba su daɗe da biyan kuɗin jarrabawa ba.
Matsaya 4.1: Ba a yanke hukunci ba. An miƙa batun ga babban taron iyaye.

A hira shugaba cewa ya yi "biyun da suka fi lalacewa", bai kira suna ba. Sunayen azuzuwan daga bayanin hedimasta na minti na 6 suka fito. Wannan cikewa halal ce, tunda daga cikin hirar take, kuma tana sa matsayar ta tsaya da ƙafarta ko an karanta ta ita kaɗai bayan shekara guda. Abin da bai halatta ba shi ne ƙara abin da ka sani daga waje ka sa shi a bakin wani. Idan bayan hirar ka ji cewa farashin kwano ya tashi, wannan ba na minit ɗin 8 ga Afrilu ba ne.

Yi ɗan lissafi kuma kafin ka wuce. Asusu na da 850,000, a cire 30,000 na mai gadi saura 820,000, a cire iyakar 800,000 saura 20,000. Lissafin ya zauna. Da bai zauna ba, alama ce ko an ji adadi ba daidai ba, ko kuma an tsayar da abin da kuɗi ba zai kai ba, kuma duka biyun sai an sanar da shugaba kafin a fitar da takarda.

Mataki na shida: jerin ayyuka

Kowane aiki yana buƙatar abu huɗu: abin da za a yi, mutum ɗaya da zai yi, ranar da zai kammala, da lambar matsayar da ta haife shi. Tebur mai ginshiƙi huɗu ya fi dacewa, a Word ta `Insert > Table`.

Harshenmu yana da hanya mai sauƙi ta ɓoye mai aiki. "Sai a nemo", "za a duba", "a tuntuɓe shi": an ambaci aiki, ba a ambaci kowa ba. Minti na 23 haka yake. Shugaba ya ce a nemo ƙiyasi, hedimasta ya ce za a duba. Wa zai duba? Rubutun bai faɗa ba. Kada ka ɗora wa hedimasta don shi ya amsa, kada kuma ka rubuta "kwamiti", domin aikin da aka ba kowa babu mai yin sa. Rubuta "ba a ayyana ba" a daftarin, ka kira shugaba ya faɗi mutum da rana. A ce ya ce hedimasta ne, zuwa Asabar, hedimasta kuma ya karɓa. Sai ka cike gurbin, ka sa ɗan bayani cewa an tabbatar da wannan bayan hirar.

Ranaku ma sai an mayar da su na kalanda. "Jibi" a bakin ma'aji ranar Talata 8 ga wata yana nufin Alhamis 10 ga wata, amma wanda ya karanta takardar bayan mako biyu ba zai san wane jibi ba ne. Haka "mako mai zuwa", "ƙarshen wata", "kafin ruwa ya sauka". Wanda ake iya lissafawa ka lissafa, wanda ba a iyawa ka tambaya. Jerin namu zai zama haka:

Biyan mai gadi albashin watan Maris, naira 30,000. Ma'aji. Alhamis 10 ga Afrilu. Batu na 2.
Kawo ƙiyasi na biyu a rubuce na aji huɗu da aji biyar. Hedimasta. Asabar 12 ga Afrilu. Matsaya 3.2.
Sa batun gudummawa a ajandar babban taron iyaye. Sakatare. Kafin a fitar da sanarwar taron. Matsaya 4.1.

Yanzu bi matsayoyin ɗaya bayan ɗaya ka ga ko kowacce ta haifi aiki. Za ka tarar Matsaya 3.1, wadda ita ce mafi girma, ba ta da ko ɗaya. An amince a yi gyara, amma ba a faɗi wanda zai zaɓi kafinta bayan an kwatanta ba, ba a faɗi wanda zai sa hannu a fitar da kuɗi ba, ba a kuma faɗi ranar fara aiki ba. Wannan giɓin a hirar yake, ba kai za ka cike shi da tunaninka ba. Buɗe ɗan sashe a ƙasan jerin mai suna "Abubuwan da ba a kammala ba", ka jera su a can. Idan ba a yi haka ba, kowa zai tashi da zaton an gama magana, ruwan farko ya sauka yara suna gindin darbejiya.

Mataki na bakwai: kai da ƙafar takarda, sannan tantancewa

A sama ka rubuta sunan ƙungiya, rana, wuri, lokacin farawa da na tashi, mahalarta da muƙamansu, da wanda ya rubuta. Ƙara layi ɗaya da ke cewa an fitar da wannan minit ne daga hirar da aka naɗa a ranar. Kada ka ƙirƙiro sassan da aka saba gani a minit alhali ba a yi su ba. Idan ba a karanta minit na baya ba, babu wanda ya gabatar da ƙudurin tashi, babu wanda ya mara masa baya, to kada su bayyana. A ƙasa ka bar wurin sa hannun shugaba da na sakatare da kwanan wata.

Akwai abin da ake bari a waje da gangan: sunan yaron da iyayensa ba su biya kuɗi ba, rashin lafiyar wani malami, da duk maganar da mai ita ya ce "wannan tsakaninmu ne". Idan batun yana da muhimmanci ga aiki, a ambace shi ba tare da suna ba.

Kafin ka aika, yi gwaji ta fuska biyu. Ɗauki kowace matsaya da kowane aiki ka nuna wa kanka mintin da aka faɗe shi a hirar. Wanda ba ka samu ba, ko ka goge shi ko ka nuna cewa daga baya aka tabbatar. Sannan ka koma kan rubutun hirar ka duba duk inda ka sa M ko A, ka ga ya shiga minit. Hirar da ta ci shafi goma sha biyu bai kamata minit ɗinta ya wuce shafi ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Idan ya kai biyar, kwafe hirar ka sake yi.

Aika daftarin ga mutum ukun cikin kwana ɗaya ko biyu, tun abin yana sabo a ransu, ka rubuta "Daftari" a samansa, ka ba su ranar da za su dawo da gyara. Idan a Word ne, kunna `Track Changes` don ka ga abin da kowa ya taɓa. Idan ta WhatsApp za ka tura, mayar da shi PDF, su aiko da gyaransu a saƙo. Gyaran da ake karɓa shi ne na abin da aka faɗa aka rubuta ba daidai ba. Idan ma'aji ta dawo ta ce yanzu tana ganin a rage iyakar zuwa naira 750,000, wannan sabon ra'ayi ne, wurinsa ajandar zama na gaba. Idan kuwa cewa ta yi ita 750,000 ta faɗa tun a ranar, sai ku kunna muryar a 00:22:05 ku saurara tare. Saboda haka kada a goge rikodin sai shugaba ya sa hannu a minit.